Yadda za a raya labarin ɗalibar da ke karanta wa yayarta muƙalar neman tallafin karatu ana gobe za a rufe

Tambaya: "Malama, ina rubuta gajeren labari a kan wata ɗaliba da za ta tura muƙalar neman tallafin karatu, ana gobe za a rufe karɓa, sai ta zauna da 'yar goggonta wadda ta girme ta suna karantawa a bayyane da daddare. Sau uku ina rubutawa, amma kullum sai ya fito kamar darasin gyaran rubutu: wannan ta karanta, waccan ta gyara, a ƙarshe a yi nasara. Ta yaya zan sa ya zama labari mai rai?"

Amsa: Abin da ya kashe rubutunki har sau uku, a fahimtata, shi ne yayar ba ta da abin da za ta rasa a cikin wannan dare. Kin ajiye ta a matsayin malama mai jan biro, wadda muƙalar ba ta shafe ta ba, don haka duk abin da zai fito daga bakinta gyara ne kawai, mai karatu kuwa ba ya ƙosawa ya ji yadda gyaran jimla zai ƙare. Maganin shi ne ki sa yayar a cikin muƙalar kanta. Rayuwar da ɗalibar take ba wa baƙi labari a takarda, rayuwa ce da yayar ta gani da idonta, ta kuma biya wani abu a kanta, saboda haka kowace jimla da aka karanta a bayyane shaida ce da ake bayarwa a gaban wadda ta san gaskiyar magana. Idan kika kama wannan, sauran aikin duk zai biyo baya.

Na daɗe ina duba wa ɗalibai irin wannan muƙala, kuma abin da na lura shi ne tana neman abubuwa biyu da tarbiyyar gidan Bahaushe ta hana yarinya yi. Na farko, ta yabi kanta, ta ce ni ce na yi kaza, ni ce na jagoranci kaza, alhali tun tana ƙarama take jin ana cewa yabon kai jahilci ne. Na biyu, ta buɗe halin da gidansu yake ciki ga mutanen da ba ta taɓa gani ba, alhali babbar addu'ar da take ji a bakin manya ita ce Allah ya rufa asiri. Yarinyar da ta tsinci kanta tsakanin waɗannan biyun takan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai ta ɓuya a bayan manyan kalmomi waɗanda kowace ɗaliba za ta iya rubutawa, irin su burin taimakon al'umma da kishin ilimin 'ya'ya mata, ko kuma ta ƙara wa wahalarta gishiri don ta ji an ce masu tantancewa suna son labarin maraici, har ta goge mutanen da suka riƙe ta ba tare da ta lura ba. Labarinki yana cikin rami na biyu, domin a nan ne yayar za ta ji an share ta da mahaifiyarta daga tarihin da suka gina.

Kafin ki rubuta jimla ɗaya, ki tsayar da irin dangantakar da ke tsakaninsu, domin ita ce za ta tsara yadda za su yi magana. Da a ce 'ya'yan wa da ƙane ne, to ya da ƙanwa ne kai tsaye, kuma girmamawa za ta rinjayi komai, ƙanwar ba za ta iya mayar da magana ba. Amma kin ce 'yar goggonta ce, wato ɗalibar 'yar namiji ce, yayar kuma 'yar mace, ke nan taubasai ne, abokan wasa. Wannan babbar dama ce gare ki. Taubashiya tana da izinin tsokana da faɗin abin da wani ba zai iya faɗa ba, a lulluɓe da wasa, amma tazarar shekaru da zama gida ɗaya sun sa ɗalibar tana ce mata Yaya. Saboda haka kina da muryoyi biyu a bakin mutum ɗaya. Yayar za ta fara daren da zolaya, tana dariyar manyan kalmomin Turanci, kuma lokacin da ta daina wasa mai karatu Bahaushe zai gane da kansa cewa an taɓo wani wuri mai ciwo, ba sai kin rubuta cewa ranta ya ɓaci ba.

Sai kuma ki san wane irin tallafi ake nema, ko da ba za ki ambaci sunansa a labarin ba, kuma shawarata ita ce kada ki ambata. Dalilin sanin shi ne kada ki haɗa abin da ba ya haɗuwa. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, alal misali, na digiri na biyu ne, kuma yana neman wanda ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki, don haka ba zai dace da yarinyar da ta gama sakandare bana ba. Ya kuma saba rufe karɓa da ƙarfe 12 na rana agogon GMT, wanda ya yi daidai da ƙarfe 1 na rana a Najeriya da Nijar, abin da ke nuna cewa ba kowane wa'adi ne yake cika da tsakar dare ba kamar yadda marubuta suke ɗauka. Shirin tallafin Mastercard Foundation kuwa, wanda aka fara a 2012, yana ɗaukar masu neman digiri na farko, kuma ana nema ne ta hannun jami'o'in da ke cikin shirin, irin su Jami'ar Ashesi da ke Ghana, kowace da nata tambayoyin da nata ranar rufewa. Abin da ya haɗa mafi yawan irin waɗannan shirye-shirye, kuma shi ne zai yi miki amfani, shi ne ana ƙayyade yawan kalmomi, sau da yawa kuma a cikin akwati ake liƙa rubutun a shafin intanet, akwatin da ba ya karɓar abin da ya wuce ƙa'ida. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bari in gina miki misali guda daga farko zuwa ƙarshe, da taurarin da na ƙirƙira don wannan amsa, ke kuma ki sauya yadda kika ga dama. Safiya tana da shekara 18, tana zaune a Zariya a gidan goggonta tun tana shekara 9, lokacin da mahaifinta ya rasu. Yaya Binta, 'yar Goggo, tana da shekara 27, malamar firamare ce, ta kuma taɓa yin ɗinki a gida. Goggo uwar adashe ce, mata 24 suna zubin Naira 2,000 duk mako a hannunta, wato kwasar kowane mako Naira 48,000 ce, kuma tun Safiya tana shekara 13 ita ce ke riƙe littafin, domin Goggo ba ta yi boko ba. Safiya tana son karanta ilimin lissafin kuɗi. An nemi muƙala mai kalma 500 a kan wata matsala da ta fuskanta da abin da ta yi a kai, ta rubuta 497, kuma babu ambaton adashe ko sau ɗaya a ciki, domin a ganinta wannan ba abin da za a kai wa Turawa ba ne. Abin da ke ciki shi ne maraici, da wata jimla da ke cewa ta taso ba ta da kowa sai Allah da littattafanta.

A ƙarƙashin wannan akwai sirrin da kowaccensu take riƙe da rabi. Shekarar da za a biya wa Safiya kuɗin jarrabawar kammala sakandare, Goggo ta taɓa kuɗin adashe da niyyar mayarwa kafin ranar kwasa, ba ta samu ba, sai Binta ta sayar da kekenta na ɗinki aka cike giɓin, ta ce wa mutanen gida keken ya lalace ne. Binta tana zaton Safiya ba ta sani ba. Safiya kuwa ta sani tun a makon, domin ita ke riƙe da littafin, ta ga kuɗi sun fita ba suna, ta ga sun dawo ranar da keke ya bar ɗaki, ta yi shiru shekara guda don kada ta kunyata kowa. Kin ga yanzu ba gyaran nahawu ake jira ba. Mai karatu yana jiran lokacin da waɗannan rabi biyun za su haɗu, kuma karatun muƙalar a bayyane shi ne hanyar da za ta kai su.

Daga nan sai batun awo. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, tana karɓar labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma ko ba gasar za ki shiga ba, wannan tsawon ya dace da labarin da ke faruwa a ɗaki ɗaya cikin dare ɗaya. Muƙala mai kalma 500 za ta cinye kashi ɗaya cikin uku na labarin idan kika kawo ta dukanta, sannan za ki tilasta wa mai karatu ya sha rubutun da ke kanki kika yi shi da rauni da gangan. Kada abin da za ki kawo daga muƙalar ya wuce kalma 120 zuwa 150 gaba ɗaya, a raba shi gida uku: buɗewar mai manyan kalmomi, jimlar da ta yi ciwo, da sabon sakin layin da aka samu a ƙarshe. Sauran ki wuce shi da jimla ɗaya, ki ce ta ci gaba da karantawa har ta kai sakin layi na uku. Ki kuma tuna cewa karanta kalma 500 a bayyane bai fi minti huɗu ba, don haka abin da zai cika daren shi ne tsayawa da komawa baya da shiru, kuma a nan ne ya kamata kalmominki su tafi.

Akwai matsalar da marubutan Hausa da yawa suke tuntuɓe a kanta, wato muƙalar da Turanci aka rubuta ta, labarin kuma da Hausa yake. Wasu sukan zuba Turancin yadda yake, su bar mai karatun da bai iya ba a waje, wasu kuma su kawo Turancin su biyo shi da fassara, su ninka tsawon ba dalili. Abin da na ga ya fi shi ne ki faɗa sau ɗaya tak cewa da Turanci take karantawa, sannan ki kawo jimlolin da wata irin Hausa mai tauri, irin ta jawabin taro, wadda ba a yin ta a tsakar gida. Bambancin da ke tsakanin wannan Hausar da wadda suke hira da ita shi zai tsaya a madadin bambancin harsunan biyu. Kuma wannan matsalar da kanta za ta ba ki makami mafi kaifi a labarin, wato yayar ta ce a faɗa mata da Hausa. Na sha gwada wannan da ɗalibai a zahiri, kuma jimlar da ba ta da komai a cikinta ba ta jure wa komawa harshen gida, mai ita takan fara, ta tsaya, ta yi dariyar kunya. Ga yadda zai iya fitowa:

Safiya ta gyara zama a bakin katifa, ta rage hasken wayar, ta fara da Turanci, da sauri kamar mai gudun kada a kama ta. "Tun ina ƙarama nake da ƙudurin zama fitilar da za ta haskaka al'ummata, tare da bayar da gagarumar gudummawa wajen ciyar da 'ya'ya mata gaba."

"Tsaya," in ji Binta, tana ninke kayan makarantar gobe. "Fitila kuma? Ke da ko ashana aka aike ki sai kin manta? Faɗa mini wannan da Hausa."

"Wai ina nufin... ina son in taimaki mutane."

"Su wa?"

Safiya ta dubi wayar kamar amsar tana ciki.

Ki lura cewa Binta ba ta ba da ƙa'idar rubutu ko ɗaya ba. Ba ta ce a kawo misali ba, ba ta ce jimlar ta yi tsawo ba, tambaya kawai ta yi irin wadda duk wanda ya san yarinyar zai yi. Wannan shi ne ma'aunin da za ki auna kowace magana tata da shi: idan malamin da bai taɓa ganin Safiya ba zai iya faɗin maganar, ki cire ta, domin ita ce ke mayar da labarin darasi. Ki lura kuma hannun Binta yana da aikin yi. Ninkin kayan nan zai yi miki amfani nan gaba, domin lokacin da hannun ya tsaya cak shi ne alamar da za ki bayar maimakon bayani.

Wurin da ya fi cancanta ki daɗe a kansa shi ne wa ke karantawa. Ki bari Safiya ta fara, amma a tsakiya Binta ta karɓi wayar ta ce ita za ta karanta, wataƙila don ta gaji da saurin Safiya. Dalilin yana da tushe a aikin gyaran rubutu na zahiri: mai rubutu idan yana karanta abinsa, bakinsa yana gyara kuskure bai sani ba, yana kuma tsallake wurin da yake jin nauyinsa, wani kuwa abin da ke kan takarda kawai zai karanta. Amma a labari yana da wani amfani da ya fi wannan. Muƙalar cike take da "ni" da "na", kuma yanzu daga bakin Binta suke fitowa. Matar da ta sayar da kekenta ce za ta furta da muryarta cewa ba ta da kowa.

Binta ta karanta a hankali, tana ba kowace kalma haƙƙinta kamar yadda take yi wa 'yan aji uku. "Bayan rasuwar mahaifina, na taso ba ni da kowa sai Allah da littattafaina." Ta kai ƙarshen jimlar, ba ta shiga ta gaba ba. Daga ɗakin Goggo ana jin rediyo ƙasa-ƙasa.

"Ci gaba mana, Yaya."

"Ina zuwa." Ta sake karanta jimlar, wannan karon da Hausa, sannan ta ajiye wayar a kan kayan da ta ninke. "Ta yi daɗi. Za su ji tausayinki."

A nan ne marubuta da yawa suke ɓata abin da suka gina, su sa yayar ta fashe da kuka tana lissafa alherin da aka yi wa marainiya. Kada ki yi haka. Gori abin ƙi ne, kuma macen da ta ɓoye sadaukarwarta shekara guda ba za ta tona ta da bakinta a kan jimla ɗaya ba, idan kuwa ta yi, mai karatu zai daina ƙaunarta nan take. Wadda za ta buɗe maganar ita ce Safiya, kuma ta gefe za ta buɗe ta, kamar yadda ake yi a gidajenmu. Za ta iya cewa ba don ta manta ba ne ta rubuta haka, sai don ba ta san yadda za ta rubuta batun keken ba tare da ta tona asirin Goggo ba. Kalmar "keken" kaɗai ta isa. Binta za ta tambaya wane keke, Safiya ta amsa da ranar da kuɗin suka fita da ranar da suka dawo, da adadinsu, kamar mai karanta littafin adashe da ka. Da wannan kin jefi tsuntsu biyu: sirrin ya fito ba tare da gori ba, kuma Binta ta ga abin da ya kamata muƙalar ta ƙunsa tun farko, wato yarinyar da ta riƙe lissafin mata 24 shekara biyar, wadda ke gane giɓi daga kallon shafi.

Ina so in ja hankalinki kan wani abu da nake ɗauka da muhimmanci, a labari da kuma a zahiri. Kada Binta ta rubuta wa Safiya sabon sakin layin. Masu bayar da tallafi suna neman aikin mai nema ne da kanta, sau da yawa kuma akwai ganawa ta baki daga baya, inda ake gane wadda aka rubuta wa cikin 'yan mintuna. A labarin ma, idan yayar ce ta kawo kalmomin, kin ƙwace wa tauraruwarki abin da ya rage mata ta yi. Aikin Binta shi ne ta yi tambaya ta kuma saurara. Za ta iya cewa a ba ta labarin ranar da wata mata ta rantse ta yi zubi alhali ba ta yi ba, Safiya ta bayar da Hausa, da sauƙi, har da yadda ta fito da tsarin kowace mai zubi ta dangwala yatsa a gaban sunanta, sai Binta ta ce, to abin da kika faɗa yanzu shi za ki rubuta.

Yanzu mu koma kan akwatin nan mai ƙayyadaddun kalmomi, domin shi ne zai hana ƙarshen ya yi arha. Sabon sakin layin ya kai kalma 58, muƙalar kuma tana da 497, ke nan sai an cire aƙalla 55 kafin akwatin ya karɓa. Buɗewar nan ta fitila tana da kalma 40, kuma cire ta ba zai yi wa kowa ciwo ba. Sauran 15 ɗin fa? Jimlar "ba ni da kowa" da wadda ke bin ta sun haɗa 17. Idan ta cire su muƙalar ta dawo 498, ta shiga. Amma ita ce jimlar da Safiya ta yi imani za ta taɓa zuciyar masu tantancewa, kuma Binta da kanta, saboda tana son yarinyar ta samu, za ta iya cewa a bar ta, ai ba komai. Wannan juyin yana da daraja ƙwarai: wadda aka ɓata wa ce ke roƙon a bar jimlar, wadda ta rubuta kuma ita ce ke son gogewa. Ki bar su su yi wannan jayayyar a taƙaice, sannan yatsan Safiya ya yanke hukunci. Lissafin kalmomin ba ado ba ne, shi ne ya mayar da nadama ta zama zaɓi mai tsada.

Saura batun keken da kuɗin da Goggo ta taɓa. Shin su shiga muƙalar? A ganina amsar da ta dace da waɗannan mutane ita ce ba su biyun ke da ikon yankewa ba, domin asirin na Goggo ne, kuma uwar adashe da amana take cin abinci. Wannan ya ba ki amfanin kasancewar daren jajibiri ne, ba daren rufewa ba: akwai gobe, akwai asuba, akwai damar a tambayi mai abu. Za ki iya sa su rubuta batun littafin su bar batun keken, ko su ajiye jimla ɗaya a gefe sai an ji ta bakin Goggo. Kowanne kika zaɓa, mai karatu zai ga yarinyar da ta koyi faɗin gaskiya game da kanta ba tare da ta sayar da mutuncin wadda ta riƙe ta ba, kuma ba sai kin rubuta wannan da kalmomi ba.

Game da yanayin dare, ki yi tsimi. Abu biyu ko uku sun isa su nuna lokaci yana tafiya: an idar da sallar isha'i a farko, rediyon Goggo ya yi shiru a tsakiya, cajin waya ya sauko daga 41 zuwa 12. Ɗauke wuta abu ne na kullum, ki bar shi a matsayinsa na abin kullum, kada ki mayar da shi ƙololuwar labari inda ake tsere da batir a daƙiƙar ƙarshe, domin wannan zai janye hankali daga abin da ke tsakanin mutanen biyu zuwa kan na'ura. Ki kuma zauna a cikin kan mutum ɗaya. Na fi son ki bi Safiya, ta yadda abin da ke zuciyar Binta sai dai a gan shi a hannunta da muryarta, domin idan kika shiga kan Binta tun farko dole ki faɗi batun keken da wuri ko ki ɓoye shi ta hanyar da mai karatu zai ji an yaudare shi. Da yake Safiya ma ta san sirrin, ki dasa alama tun a sakin layin farko, misali idonta ya sauka a kusurwar ɗaki inda sawun ƙafafun keke ya rage a siminti, ta kawar da kai da sauri.

Kada ki faɗi ko ta samu tallafin. Sakamako yakan ɗauki watanni, kuma da zarar kin tsallaka zuwa ranar da saƙon murna ya iso, kin mayar da duk abin da ya faru a daren ya zama dabarar cin nasara, alhali da ta samu da ba ta samu ba, abin da ya sauya tsakaninta da yayarta ya riga ya sauya. Ki tsaya a kan wani aiki ƙarami da ido zai gani. Ga irin wurin da ni zan tsaya:

Binta ta miƙa mata wayar. "Karanta daga farko. A hankali wannan karon."

Safiya ta karanta har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Da ta gama, ta ɗauko littafin adashe daga ƙarƙashin katifa, ta ɗora a kan wayar, ta tura su gefen ƙofa inda za ta gan su idan ta tashi alwala.

"Ke za ki fara yi mata maganar, ko ni?" in ji Binta.

"Ni."

Idan kin gama daftari na huɗu, ki samu wata ta karanta miki shi a bayyane kina saurare, kina riƙe da biro. Ki sa alama a duk inda ta yi tuntuɓe, da duk inda maganar Binta ta fi jimla biyu a jere, domin a nan ne malamar nan mai jan biro take sake leƙowa. Sannan ki ƙirga kalmomin da suka tafi kan muƙalar da waɗanda suka tafi kan mutanen biyu. Idan na muƙalar sun wuce 150 a cikin 1,500, ki fara ragewa daga buɗewar mai manyan kalmomi, domin jimla ɗaya daga cikinta ta isa mai karatu ya gane irinta.